Ƙirƙirar sunan asusu daga abin sha'awa ba tare da tona asirin kai ba

Tambaya: «Ina son sunan asusu mai alaƙa da kiwon tattabaru da ɗaukar hoto, amma ba na son a gane sunana, shekarar haihuwata ko garinmu. Yaya zan yi?»

Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka ɗauki kalma ɗaya daga kowane ɓangare, sannan ka haɗa su. Daga kiwo kana da fiffike, daga hoto kuma kana da haske, don haka `hasken_fiffike` ya wadatar. Haruffansa 14 ne, kuma manhajar X ba ta karɓar fiye da 15.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne lokacin da aka ce wani ya riga su ɗaukar sunan, sai su liƙa lamba kamar 98 a ƙarshe, alhali duk mai lura zai fahimci cewa 1998 ake nufi. Maimakon lamba, ka ƙara wata kalma ko ka juya jerin kalmomin. Haka kuma ka guji sunan ƙungiyar ƙwallon garinku, domin yana nuna inda ka fito, kuma kada ka maimaita laƙabin da abokai suka san ka da shi.

Kafin ka tabbatar, ka bincika sunan a intanet, ka ga ko yana kai mutum ga tsohon asusunka.