Mabiya 48,000 ba shaida ba ce: tambayoyinku kan salula

Malam, wani abokina ya sa ni a tashar Telegram ta wani gwanin zuba jari. Mabiyansa 48,000, kuma kullum mutane suna turo hoton kuɗin da suka karɓa. Ya ce in na sa jaka 50, bayan mako guda zan karɓi jaka 65. Ga adireshin tashar. In sa?
Wani mai sayar da kayan babur, Zongo

Ƙanena, kada ka sa ko dala. Na buɗe tashar na zauna da ita, kuma zan tsawaita a kan wasiƙarka, don irin wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Matasan Damagaram masu wayo, waɗanda ba a iya cutar su ko a cinikin tsohon babur, da sun ga lamba mai yawan sifili a allon waya sai hankalinsu ya kwanta.

Mabiya kaya ne na sayarwa. Akwai masu sana'ar buɗe asusu dubbai da manhaja, ko su jera wayoyi a ɗaki guda, kowa ya biya su sai su tura masa adadin da ya saya. Ka san mai tallan magani a ranar kasuwa, wanda yaransa ke fara kewaye shi suna saye suna rantsuwa sun warke, har jama'a su taru? To wannan ne, sai dai yaran nan ba mutane ba ne ma.

Abin da ya kamata ka duba yana ƙasan kowane saƙo: ɗan hoton ido da lamba a gefensa, wato sau nawa aka ga saƙon. A tashar gwaninka, lambar idon saƙonnin makon jiya tana tsakanin 300 da 400. Raba 400 da 48,000, ba ka kai ko mutum ɗaya cikin ɗari ba. Gaskiya ne ba kowane mabiyi ke buɗe kowane saƙo ba, amma wannan tasha ce da ake cewa kuɗin mutane na ciki. Wanda ya sa jakarsa 50 a wuri, leƙawa yake yi safe da yamma. Ina sauran 47,000 da ɗoriya suka shiga? Ba su taɓa wanzuwa ba.

Kada kuma ka ɗauka duk tashar da lambar idonta ta yi yawa ta tsira, don ita ma ana sayen ta. Alamar ta daban ce. A tashar gaskiya lambobin suna hawa suna sauka: saƙo mai daɗi ya yi sama, na gaisuwar Juma'a ya yi ƙasa, sabon saƙo kuma yana tara masu kallo sannu a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ka ga saƙon da aka sa minti 20 da suka wuce, da ƙarfe uku na dare, ya riga ya kamo na makon jiya, kuma duk saƙonnin suna tsaye kusan kan lamba guda, to sayen su aka yi.

Sai hotunan shaida, waɗanda na san su ne suka fi jan ranka. Na jera guda shida na kalli saman allon, inda mutane ba sa kallo. An ce ɗaya daga Maradi, ɗaya daga Agadas, ɗaya wata baiwar Allah ce a Yamai. Amma huɗu daga ciki batirinsu 63 ne cikin ɗari, agogonsu bai wuce tazarar minti goma ba, alamomin da ke jere a sama iri ɗaya. Waya guda ce ta ɗauke su a zama guda. A biyu daga ciki ma lambar shaidar tura kuɗin ɗaya ce, sunan da adadin kuɗin kawai aka canza, alhali kowane turi yana da tasa lambar da ba ta maimaituwa. Ko da ba su yi wannan sakacin ba, hoton allo ba hujja ba ne. Yaron da ya iya gyaran hoton biki zai iya sauya jaka 5 ta koma jaka 500 kafin shayi ya huce.

Ka kuma lura an rufe bakin kowa. Ba wurin sharhi a tashar, zauren hirar da aka haɗa da ita kuma masu gudanarwa kaɗai ke iya rubutu. Ke nan duk yabon da kake karantawa ta hannun mai tashar ya biyo. Wanda aka cinye wa kuɗi ba shi da inda zai yi kuka ka ji.

Yanzu mu ajiye waya mu ɗauki lissafi. Jaka 50 ta zama 65 a mako, riba ce ta 30 cikin ɗari. Idan ka bar uwa da riba suna juyawa, bayan mako huɗu kana da kusan jaka 143. Bayan mako 52, jakar nan 50 ta haura sefa miliyar 40. Mutumin da yake da wannan sirri, me zai yi da kuɗin mai sayar da taya da bujin babur? Da nasa zai juya ya yi shiru. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san amsar da za ka ba ni, don ita kowa ke ba ni: abokina an biya shi, na gani da idona. Na yarda an biya shi. Da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa aka biya shi, kuma jaka 15 ɗin da aka ɗora masa kuɗin talla ne, don ga shi ya kawo ka. Haka MMM, wata harkar zuba jari ta bogi, ta yi ta biyan mutane a Najeriya har zuwa Disambar 2016 da ta rufe asusunsu, haka irinta CBEX ta yi har ta durƙushe a Afrilun 2025. A ranar da sababbin shiga suka ragu, sai ka ji an ce akwai gyara a manhaja, ko a ce ka biya wani kuɗin buɗe asusu kafin ka cire naka. Wanda ya biya wannan ya yi asara sau biyu.

Tambayoyi biyu za ka yi wa gwanin. Ta farko, wa ya ba shi izinin karɓar kuɗin jama'a? A ƙasashenmu masu sefa ta yamma, hukumar AMF-UMOA da ke Abijan, wadda a da ake kira CREPMF, ita ke ba da izinin tara kuɗin jama'a don zuba jari a kasuwar hannun jari, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Ka nemi sunan da kanka a can, kada ka karɓi hoton takardar da zai turo maka. Ta biyu, ina kuɗin za su shiga? A tasharsa lambar wayar wani mutum aka bayar, kuma da na koma baya na ga an canza ta sau uku cikin wata biyu. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar jari a lambar da ake jefarwa.

Ga ɗabi'ar da nake roƙon kowa ya ɗauka, kuma ba zan gaji da faɗa ba: ɗauki hoton allo yau, ka ajiye, ka dawo bayan kwana bakwai ka gwada. A Telegram mai tasha yana iya goge saƙo ko ya gyara shi, don haka hasashen da bai ci ba yakan ɓace, a bar waɗanda suka dace. Hotonka ne kawai zai tuna maka abin da aka faɗa. Idan ya ce tayin zai ƙare yau da dare, ka ƙyale shi ya ƙare. Ka kuma kira abokinka yau ɗin nan ka ce ya gwada cire kuɗinsa gaba ɗaya, uwa da riba, kada ya ƙara ko tamma.

Na ga shagon wayoyi a Facebook, sun ce suna Kano, masu yabonsu sun fi 200. Suna son in tura rabin kuɗi kafin su sa wayar a mota.
Wata malamar makaranta, Birni

Malama, shiga bayanan shafin ki nemi "Transparence de la Page". Nan za ki ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Idan bara shafin barkwanci ne ko na ƙwallo, bana ya koma shagon waya, to sayen sa aka yi da mabiyansa. Daga nan ki taɓa sunayen masu yabo guda goma. Idan yabon duk ya zubo cikin kwana biyu ko uku, da kalmomi iri ɗaya, daga asusun da ba su da hoton biki ko na suna ko abokai, kin sami amsarki. Mai saye na gaskiya yakan faɗi irin wayar, ya yi ƙorafin jinkirin mota ko caja.

Kano ba nisa, kuma ba a rasa ɗan Damagaram a can. Ki aiki wani ya taka ƙafa ya ga shagon, ya riƙe wayar a hannu kafin ki tura komai.

Ni tela ce, mabiyana a TikTok 600 kacal. An ce da kuɗi kaɗan za a kai ni 10,000.
Wata mai ɗinki, Sabon Gari

Hajiya, asusun bogi ba ya kawo shadda ɗinki. Kuma cutar kanki za ki yi: bidiyonki zai zauna da masu kallo 200 a ƙarƙashin mabiya 10,000, duk mai ido ya gane, sannan kamfanoni irin su TikTok sukan share asusun bogi lokaci zuwa lokaci, lambar ta zube. Mafi muni, wasu masu sayarwar sukan nemi kalmar sirrinki, su tafi da shafin ɗungurungum. Ruɗin masu saye ne kuma, ba na so miki shi. Ki roƙi matan da kika yi wa ɗinkin sallah su sa kayan ki ɗauke su, da izininsu, ki rubuta unguwarki a ƙasa.

Shuɗin maki a gefen suna ba ya nufin an tantance mutum?
Wani ɗalibi, Jami'ar Damagaram

Ɗan jami'a da wannan tambaya! Tun 2023 ana biyan kuɗin wata a samu makin a Facebook da Instagram, bayan an nuna katin shaida. Iyakarsa ya ce mai shafin ya nuna takardar da ta dace da sunansa. Ba wanda ya duba hajarsa ko ya binciki inda yake kai kuɗin mutane. A Instagram ka taɓa ɗigo uku na saman shafin, ka zaɓi "À propos de ce compte", ka ga shekarar da aka buɗe shi da ƙasar da yake. Idan gwanin da ke cewa yana Dubai tun shekara goma asusunsa wata huɗu ne da buɗewa, ka wuce abinka.