Dalilin da ya sa tsofaffi ke saurin haki

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74, bai taɓa shan taba ba, amma yana haki idan ya hau bene. Me ya sa?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarfin huhu yakan kai ƙololuwarsa tsakanin shekara 20 zuwa 25, sannan ya fara raguwa. Huhun tsoho yana rasa danƙonsa kamar robar da ta saki, don haka gurɓatacciyar iska takan maƙale a ciki bayan fitar da numfashi, sabuwar da za ta shiga ta ragu. Guringuntsin haƙarƙari kuma yana ƙandarewa, tsokar numfashi tana rauni. A zaune ba ya jin komai, amma hawan bene yana buƙatar rarar ƙarfin numfashi, wadda tsufa ya rage. Idan yana haki a kwance, ko ƙafafunsa sun kumbura, ku kai Baba asibiti, domin wannan ba tsufa kaɗai ba ne.