Bashin ƙarin albashi da ya makara

"An ƙara mini albashi daga naira 120,000 zuwa 150,000 tun watan Maris, amma sai a Agusta ya fito. Nawa nake bin su?"

'Yar'uwa, ɗauko takardar ƙarin ki duba ranar da ya fara aiki, domin daga nan ake ƙirgawa. Idan 1 ga Maris ne, kina bin bambancin naira 30,000 na wata biyar, Maris zuwa Yuli, wato 150,000. Agusta ba ya ciki tunda an biya shi daidai. In kuwa 16 ga Maris ne, kwana 16 cikin 31 kawai za ki samu a watan, kimanin 15,484.

Amma ki bi takardun albashinki wata-wata, kada ki ninka kawai. A ofishinmu nan Abuja sun gyara mini gundarin albashi suka bar alawus ɗin gida da na sufuri a tsohon lissafi, sai da na jera takardun na gano. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kuma bashin 150,000 ɗin ba zai shigo cif ba. Za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho daga gundarin albashi da alawus ɗin nan biyu, sannan haraji. Ki nemi sashen albashi su rubuta miki abin da aka cire a kowane wata.