Teburin da na kwafo daga sikanin ya rikice

"Ina aiki a wani shago a Kasuwar Barci. Na kwafo teburin farashi daga takardar da aka yi wa sikanin zuwa Excel, ginshiƙai sun goce, jimla ta ƙi fita. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, fara da gocewar. Galibi inda takarda ta bar gurbi ne: na'ura ta tsallake shi, sauran layin ya matso hagu. In ginshiƙanka biyar ne, A zuwa E, a ginshiƙin gefe rubuta wannan, ka ja shi ƙasa don ya ƙirga gurabe masu rubutu a kowane layi:

```
=COUNTA(A2:E2)
```

Layin da bai ba da 5 ba, ɗauko takardar ka mayar da kowane abu gurbinsa da hannu.

Sai lambobi. Na'ura kan karanta 0 a matsayin O, sai 1500 ta zama 15OO, SUM ya tsallake ta. ISNUMBER zai nuna maka FALSE a kanta. Ka mayar da O zuwa 0, amma don Allah ka zaɓi ginshiƙin kuɗi kaɗai kafin ka yi Replace All, kar "OMO" ya koma "0M0". In 3 ta zama 8 kuwa, jimlar ƙasan takardar ce za ta tona.