Miyar dage-dage ba tumatir, ba ɗanyen attarugu

Tambaya: Anti, damina ta shigo, tumatir ya yi tsada, wanda ake samu ma duk ya ruɓe. Attarugu kuwa sai busasshe nake da shi. Yaya zan yi dage-dage ta mutum shida ba tare da maigida ya gane ba?

Amsa: Ƙanwata, maigida dai zai iya ganewa, amma zai cinye. Aiki uku tumatir yake yi a tukunya: yana ba miya kauri, yana ba ta ja, yana kuma sa mata ɗan tsami. Idan babu shi, sai ki raba aikin nan ga abu uku.

Ja na wajen tattasai. Ki samu manya guda 6, jajaye sosai, ki cire 'ya'yan da farin da ke ciki. Kauri kuwa albasa ce, manya 3, da karas 2 da kika dafa har cokali yana ratsa shi. Ki markaɗa su tare da ruwa kaɗan, ki dafa markaɗen shi kaɗai har ruwan ya tsotse, sannan ki juye a man gyaɗa mai zafi kamar ludayi biyu. Ki yi ta juyawa a wuta kaɗan. Alamar ya soyu ita ce mai ya taso sama, warin ɗanyar albasa ya ɓace.

A nan mata da yawa suke tsayawa, sai su ce miyar ta yi musu zaƙi-zaƙi kamar an sa sukari. Gaskiya ne, don albasa da karas duk zaƙi gare su, kuma babu abin da ya tare shi. Maganin tsamiya ce. Ki jiƙa sili biyu a rabin kofin ruwan ɗumi, ki tace, ki zuba cokali ɗaya, ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Cokali biyu yakan isa. Kuma don Allah ki ajiye kanwa a gefe yau. Ana sa ta ne don ta kashe tsamin tumatir, ke kuwa tsamin kike nema.

Shi busasshen attarugu, kada ki daka shi ki watsa a mai mai zafi, nan take zai ƙone, miya ta yi ɗaci, gida ya cika da tari. Ki jiƙa guda 3 a ruwan zafi minti 15 su yi laushi, ki markaɗa da sauran kayan. Yajin zai fito, sai dai ƙamshin ɗanye ba ya dawowa, don haka ni nakan daka 'yar citta da tafarnuwa in zuba dab da saukewa.

Idan kina da kauda, wato busasshen tumatir, ki wanke ta sau uku saboda yashi, ki jiƙa tafin hannu ɗaya ki haɗa a markaɗen. To a nan ki bar tsamiya, kauda na da nata tsamin, kuma miyar za ta ɗan yi duhu.