Tambaya da Amsa: Ina Zan Samu Fim ɗin Hausa na Ainihi a Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar ɗinki a Agege, da daddare nake kallon fina-finan Hausa a waya. Sau da yawa nakan ƙona data a kan fim mai hoto mai jan hankali, in buɗe in tarar tsohon fim ne da aka sauya wa suna. Jiya kuma an turo mini wani adireshi a WhatsApp, wai in na sauke manhajarsu zan ga ci gaban shirin da nake bi tun kafin ya fito. Ina zan samu na ainihi, kuma yaya zan gane mai kyau kafin in kalla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko, kada ki taɓa wannan adireshin, zan kuma dawo kansa. Yawancin shirye-shirye masu dogon zango suna fitowa ne a tashar YouTube ta kamfanin da ya shirya su: Labarina na darakta Aminu Saira yana tashar Saira Movies, Izzar So kuma yana Bakori TV. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ke da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, kuma tana da manhajarta. Idan akwai DStv ko GOtv a gida, akwai Africa Magic Hausa.

Kafin ki danna fim, duba sunan tashar, ba hoton da aka liƙa a fuskar bidiyon ba, domin kowa na iya yanko fuskar jarumi ya manna a kan abin da jarumin ba ya ciki. Ki shiga tashar ki ga ko kashi-kashin shirin suna jere da lambobinsu, kuma ko sunan kamfanin da ke bayyana a farkon fim ɗin ya dace da sunan tashar. Daga nan ki sa ingancin hoto a 360p, wanda ke cin data ƙasa sosai da 720p, ki tsallaka zuwa tsakiyar fim ki saurari minti biyu. Sauti shi ne ya fi tona asirin aiki, saboda wanda ya kashe kuɗi a kan ɗaukar murya da wuya ya yi sakaci da sauran. In kiɗa ya danne magana, ko motsin baki bai tafi daidai da murya ba, ki fita. In kuma kika ga hoton a matse cikin wani ƙaramin gida, ko rubutun jikin allo ya juye baibai, ko muryoyi sun siranta kamar na yara, to kwafin sata ne da aka jirkita don kada YouTube ta gane shi ta sauke.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai na yi bayaninsa: zaton cewa akwai wani wuri na ɓoye da ake samun kashi na gaba kafin mai shi ya sake shi. Hajiya, kashin da bai fito ba yana kwamfutar mai tace hoto ne, wani lokaci ma ba a gama haɗa shi ba. Idan kamfani yana sayar da shi da wuri ga masu biyan kuɗi, da bakinsa zai sanar a tasharsa, ba baƙon lamba ne zai kawo miki labari ba. Abin da waɗannan mutane ke turowa fayil ne mai ƙarewa da .apk, wato manhajar da ba ta bi ta Play Store ba, kuma shi ya sa wayarki za ta gargaɗe ki kafin ta karɓe ta.

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya taɓa kawo mini wayarsa bayan ya sauke irin wannan. Manhajar ta nemi izinin karanta saƙonninsa da ganin lambobin da ya adana, ya amince, sannan ta ce ya shigar da lambar katinsa na banki don biyan naira ɗari kacal na rajista. Me manhajar kallon fim za ta yi da saƙonnin mutum? A cikin saƙon ne banki ke turo lambar tabbatar da cire kuɗi, kuma ita suke nema. Kafin gari ya waye an kwashe masa cinikin mako, fim ɗin da ya samu kuwa tsohon kashi ne da ya riga ya kalla. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne, wani mai tura fina-finai a waya ne ya ba shi adireshin, yana rantsuwa cewa shi ma da shi yake kallo.

Idan kin riga kin sauke, kashe data, ki goge manhajar, ki kira bankinki a rufe katin, sannan ki gaya wa wadda ta turo miki, domin mai yiwuwa ita ma ba ta san abin da take yaɗawa ba.