Ina so in roƙi mai gidan da nake haya ya bar ni in biya kaɗan-kaɗan

Anti, ina yi miki sallama irin ta addinin Musulunci. Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, kuma tun bayan rasuwar maigidana ni nake riƙe da 'ya'yanmu uku. Shekarata huɗu a gidan da nake haya, ban taɓa jinkirta biya ba. Bana mai gidan ya aiko wakilinsa cewa haya ta tashi daga naira 480,000 zuwa 600,000, kuma shekarata za ta ƙare ranar 31 ga Maris. Abin da na tara naira 240,000 ne. Albashina 150,000 ne a wata, kuma idan na cire abinci, kuɗin mota, wuta da kuɗin makarantar yara, abin da yake ragewa bai wuce 45,000 ba. Ina so in rubuta wa Alhajin takarda in roƙe shi ya yarda in riƙa biyan 50,000 duk wata, amma ban san yadda zan tsara ta ba, kuma ina tsoron kada ya ce in tashi.

Taki, wata uwa daga Kano.

Amsa

Ƙanwata, wa'alaikis salam. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya miki marayun nan. Kin yi tunani mai kyau da kika zaɓi takarda maimakon aike da baki, amma ina ba ki shawara ki ajiye tsarin biyan wata-wata, domin dalili biyu. Na farko, adadin da kika ambata ya fi abin da yake rage miki da naira 5,000, wato tun daga watan farko za ki fara da alkawarin da aljihunki bai kai ba. Na biyu, masu gidaje a ƙasar nan sun saba karɓar kuɗin shekara a dunƙule saboda da shi suke gyara, ko jari, ko wata babbar hidima, kuma abin da yake tsoratar da su shi ne su koma bin ɗan haya sau goma sha biyu a shekara. Takardar da za ta samu karɓuwa ita ce wadda ta nuna wa Alhaji, da lissafi, cewa babu ranar da za ki kwana a gidansa da bashi.

Ga yadda lissafin yake. Hayar naira 600,000 a shekara daidai take da 50,000 a wata. Idan kika miƙa 240,000 ɗin da ke hannunki ranar 1 ga Afrilu, kin biya kusan wata biyar, har zuwa wajen ƙarshen Agusta. Saura 360,000, wanda za ki kasa gida uku, kowane kaso 120,000. Domin haɗa kowane kaso za ki riƙa ware 40,000 daga albashin kowane wata, ki bar 5,000 saboda larurar da ba a shirya mata ba. Albashin Afrilu, Mayu da Yuni zai biya kaso na 10 ga Yuli, a lokacin jimillar abin da kika biya ta kai 360,000, wato hayar da za ta kai ki farkon Nuwamba. Kaso na 10 ga Oktoba zai kai jimillar 480,000, wadda ta rufe har tsakiyar Janairu, sannan na 10 ga Janairu ya cika kuɗin, da sauran fiye da wata biyu kafin shekara ta ƙare. Na zaɓi ranar 10 ga wata da gangan, domin makarantu masu zaman kansu sukan yi jinkirin albashi, kuma gara ki ambaci ranar da za ki iya riga ta da ki ambaci ɗaya ga wata ki zo kina ba da haƙuri.

Ita kuwa takardar, kada ta wuce shafi ɗaya. Ga yadda za ki iya rubuta ta, bayan kin sa kwanan wata da adireshin gidan a sama:

"Ranka ya daɗe, Alhaji, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙon cewa hayar sashen da nake ciki ta koma naira 600,000 daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris na baɗi, kuma na amince da wannan adadi. Ina roƙon alfarmar ka yarda in biya shi kashi huɗu kamar haka: naira 240,000 ranar 1 ga Afrilu, naira 120,000 ranar 10 ga Yuli, naira 120,000 ranar 10 ga Oktoba, da naira 120,000 ranar 10 ga Janairu, jimilla naira 600,000. Da wannan tsari kowane biya zai iso hannunka kafin wa'adin wanda ya gabace shi ya ƙare. Shekarata huɗu a gidan nan ban taɓa jinkirta haya ba, kuma rasit ɗin shekarun suna haɗe da wannan takarda. Ina roƙon hayar ta ci gaba da zama ta shekara kamar yadda take, biyan ne kaɗai aka rarraba. Idan ka amince, ina roƙon ka sa hannu a ƙasa, kowannenmu ya riƙe kwafi ɗaya. Na gode, Allah Ya ƙara girma da arziki."

Za ki lura ban sa labarin maraici da tsadar abinci a ciki ba. Ba don ba gaskiya ba ne, sai don Alhaji ya riga ya san halin da kike ciki, kuma takarda mai yawan kuka takan sa mai gida ya fara tunanin ko nauyin gidan ya fi ƙarfin wanda ke cikinsa. Hujjarki mafi ƙarfi ita ce shekara huɗu na biya a kan lokaci, don haka ki ɗauki kwafin rasit ɗin ki haɗa, ki riƙe na asali a wurinki. Haka kuma ban haɗa roƙon ragi da roƙon rarraba biya ba, domin wanda aka nemi alfarma biyu a wurinsa lokaci ɗaya yakan zaɓi mai sauƙin ya bayar, ya ga ya sauke nauyi. Idan aka rage miki 20,000 aka ce ki kawo sauran gaba ɗaya, matsalarki tana nan yadda take.

Akwai jimla ɗaya a takardar da nake so kada ki cire ta ko da an ce ta yi tsawo, wato wadda ta ce hayar ta ci gaba da zama ta shekara. A dokokin haya irin waɗanda ake aiki da su a Abuja da Legas, idan babu wata yarjejeniya ta daban tsakanin ɓangarorin biyu, mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, mai hayar wata uku notis na wata uku, mai hayar wata kuwa notis na wata ɗaya tak. Idan aka yi saɓani, yadda ake biya yana cikin abubuwan da ake dubawa a gane irin hayar. Saboda haka wanda ya koma biyan wata-wata ba tare da rubutu ba yana iya wayar gari a ce masa shi mai hayar wata ne. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na raba ki da tsarinki na farko. Idan akwai tsohuwar takardar yarjejeniya da marigayi ya sa wa hannu, ki nemo ta ki karanta abin da ta ce game da biya da notis, kuma idan kina da lauya a dangi ko a unguwa, ki nuna masa ita tare da sabuwar takardar.

Ki aika da takardar yanzu, tun da sauran makonni kafin ƙarshen Maris, domin roƙon da ya zo kafin wa'adi shawara ce tsakanin mutum biyu, wanda ya zo bayansa kuwa roƙon mai bashi ne. Kada ki miƙa ta ga wakili ko dillali shi kaɗai. Wasunsu suna samun la'ada idan sabon ɗan haya ya shiga, don haka ba lallai ne su isar da saƙonki da zafinsa ba. Ki samu wani babba namiji da Alhaji zai ji nauyinsa, kamar yayanki ko ɗan'uwan marigayi, ya kai masa hannu da hannu, ya kuma zama shaida idan an sa hannu. Bayan haka ki sanar da wakilin cikin ladabi, don kada ya ji an tsallake shi.

Mai yiwuwa Alhaji ya ce ya yarda, amma da ƙarin kuɗi tunda ba a dunƙule zai karɓa ba. Mafi yawan malamai sun halatta a tsayar da farashi ɗaya mai ɗan tsada saboda jinkirin biya, muddin an yanke shi tun wajen ƙulla yarjejeniya. Abin da suka hana shi ne a ce idan kika makara a kan wani kaso za a ɗora miki ƙari, domin wannan ƙari ne a kan bashi, wato riba. Idan ya nemi irin na farko, ki auna da abin da yake rage miki: ƙarin 30,000 yana nufin kowane kaso daga cikin ukun ya koma 130,000, wato kusan 43,400 a wata, kuma nan ne iyakar ƙarfinki. Idan kuma ya ce kashi huɗu ya yi yawa, kada ki yarda da kashi biyu don kunya, domin 360,000 ba za ta haɗu ba kafin Janairu. Abin da za ki iya bayarwa shi ne kashi uku: 240,000 a Afrilu, 160,000 ranar 10 ga Agusta daga albashin wata huɗu, da 200,000 ranar 10 ga Janairu daga albashin wata biyar, sai dai ki faɗa masa gaskiya cewa a wannan tsari za ki shiga bashin 'yan makonni a Disamba da farkon Janairu.

Duk biyan da za ki yi, ki tura ta banki zuwa asusun da Alhaji da kansa ya ba ki, ki rubuta a wajen bayani cewa kaso na kaza ne na hayar shekara, sannan ki karɓi rasit. Kuɗin da kike warewa kuma ki raba shi da asusun da kike cefane da shi tun ranar da albashi ya shigo.

Dole kuma in gaya miki abin da wannan tsari ba zai gyara ba. Naira 40,000 sau goma sha biyu 480,000 ne, wato albashinki yana ɗaukar tsohuwar haya ne, kuma ajiyarki ce ta cike giɓin bana. Bayan kin gama biya a Janairu, albashin Janairu, Fabrairu da Maris zai ba ki 120,000 ne kawai don buɗe shekara mai zuwa, rabin abin da kika buɗe bana da shi. Saboda haka cikin watannin nan sai ki nemo ƙarin kusan 10,000 a wata, ko ta koyar da yara darasi da yamma, ko kuma ki fara cigiyar gidan da hayarsa ba ta wuce 480,000 ba tun wajen Oktoba, lokacin da kike da sararin zaɓe ba tare da wa'adi yana bin ki ba.